Ranar da na rina ma Gwaggo saiwar gashi

Asabar, Gusau. Tun da hantsi Gwaggo ta sauka daga keke napep daga Tudun Wada, wai bikin ɗiyar ƙawarta jibi kuma furfura ta fito mata a goshi, tana son in rina mata. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske yake sosai, don a cikin ɗaki ba ka ganin inda sabon gashi ya tsaya tsoho ya soma.

Da ta cire kallabi na tsaga kan da kibiya sai da gabana ya faɗi. Kalar da take sawa ruwan ƙasa ce mai duhu, amma abin da na gani hawa huɗu ne. Can gindi furfura da sabon toho kamar faɗin yatsa ɗaya, sati shidda ne tun rinin baya, kuma daidai ne tunda gashi kamar santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata ko ya ɗan ɗara. Daga nan sai wani zobe baƙi wuluk ya zagaye kan gaba ɗaya, sannan ruwan ƙasa, sannan bakin gashin ya sake yin baƙi ya bushe ƙamas kamar tsintsiya, ina taɓawa yana karyewa a hannuna.

Na ce Gwaggo ya anka yi muku wancan karon? Ta ce ai yarinyar shagon kwaɓawa ta yi ta lafta tun daga gindi har baki ta cuɗa kamar mai wanki, haka ake mata kullum. To ga matsalar nan. Rini in ya hau kan rini ƙara duhu yake yi, kuma gashin da ya taɓa shan rini ya riga ya buɗe, zuƙe kala yake fiye da sabo, balle nata da ta taɓa sa rilaksa. Duk inda sabon rini ya haura kan tsoho wurin ya sha sau biyu kenan, shi ne zoben. Ta ce to ɗiyata a sa mai haske a kai mana ya goge. Na ce wallahi Gwaggo rini ba ya ɗaga rini, sai dai mu daina ƙara mishi, mu riƙa datse bakin kaɗan kaɗan har ya fita.

Kalar da ta saba ce, kuma na sa ta gwada a bayan kunne tun shekaranjiya, babu ƙaiƙayi babu kumburi. Na haɗa rinin da ruwan haɗinsa mai lamba 20, awo ɗaya da ɗaya yadda kwalin ya ce, rabin tub kawai don saiwa ba ta cin da yawa. Na shafa mata bazilin a fatar goshi da kunnuwa ban bari ya taɓa gashi ba, tsohon gashin kuma na shafe shi da kwandishina mai kauri daga ɗan ƙasa da layin da sabon toho ya tsaya har baki.

Na raba kan gida huɗu na kama kowanne. Abin da ya fi cin lokaci shi ne gashinmu yana nannaɗewa, sabon tohon ya lafe ka ɗauka kaɗan ne, sai ka kama ka ja shi ya miƙe sannan ka ga ainihin layin. Haka na riƙa yi, tsaga siririya wadda ba ta kai rabin yatsa ba, in ja, in ɗora da bakin burushi in tsaya cak a kan layin, ba jan burushi ƙasa, ba sa mataji. Daga goshi da gefen kunne na soma tunda can furfurar ta fi yawa kuma ita taurin kai gare ta, tana son lokaci.

Minti 35 munka ba shi daga lokacin da na gama shafawa, na sa ƙararrawa a waya. Ta so in rufe mata da leda ta zauna a rana wai ya fi kamawa, na hana, zafin fatar kai kaɗai ya isa, leda kuma danne tsohon gashi za ta yi a kan rinin. Da lokaci ya cika na ɗauraye da ruwa mai ɗumi har sai da ruwan ya fita fari, sannan shamfu.

Bayan la'asar ya bushe munka fito da madubi. Saiwar ta haɗe da ruwan ƙasan, furfura ta ɓace, tsohon zoben yana nan amma ba mu ƙara wani ba. A ƙeya ta hagu hannuna ya ɗan zarce, wurin ya ɗan fi duhu kamar faɗin ƙwayar shinkafa, na nuna mata ban ɓoye ba. Na datse mata bakin kamar yatsa biyu, na shafa man kaɗanya, na ce kar ta wuce sati shidda, don in tohon ya yi tsawo na kusa da fata ya fi saurin kamawa sai a samu wani hawan kuma. Gobe da safe za ta dawo kitso.