Rasit ɗin Shadda da Naira 13,500

Shagon ɗinki nake da shi a Agege, mu biyar ne da yarana. Shadda da zare daga kasuwar Balogun nake sarowa, wurin wani dattijo Bakano da muka shekara bakwai muna ciniki. Saboda cunkoson hanya ba kullum nake tsallakawa can ba. Ina faɗin abin da nake so ta waya, yaron shagonsa ya ɗauki hoton rasit ya turo ta WhatsApp, in tura kuɗi, a aiko da kaya.

Ana saura mako uku Babbar Sallah hoto ya shigo. Shadda yadi 30 a kan naira 4,500, ya kama 135,000. Zare dozin 6 a kan 3,500, ya kama 21,000. Shafi yadi 20 a kan 1,200, ya kama 24,000. Na buga sau biyu, 180,000 nake samu. A ƙasan takardar kuwa an rubuta 193,500.

Ban ɗaga waya ba sai da na zauna da bambancin, domin shi ke nuna inda matsala take. Naira 13,500 daidai take da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan 180,000. Amma Alhaji bai taɓa sa mini shi ba, kuma da shi ne, da an ba shi layinsa. Sai na raba kuɗin da farashin kowane kaya. Da na zo kan shadda, ya fita cif: yadi uku. Nan na tuna da farko 33 na ce, daga baya na rage. Na buɗe hoton sosai, ga alamar an soke lamba an sake rubutu, inuwar yatsan yaron ta rufe rabinta.

Ban rubuta saƙo ba, don rubutu ba ya ɗaukar ladabin murya, kuma ban bi ta kan yaron ba. Bayan La'asar na kira Alhaji. Muka gaisa, na tambayi iyali da kasuwa, sannan na ce: “Baba Alhaji, hoton bai fita sosai ba. Ni lissafina 180,000 ya ba ni, na ga an sa 193,500. Ko yadi ukun nan da na rage ne ba a cire a jimla ba? A taimaka a duba mini kwafin da ke littafi.”

Da gangan na kawo dalilin da kaina. Wanda ka ce wa kuɗi bai cika ba kawai, kare mutuncinsa zai fara yi. Wanda ka nuna wa layin da za a duba, littafi zai jawo.

Ina jin ƙarar takarda ta wayar. Ya ce, “Gaskiyarka, Malam. Yaron ya gyara sama, ya manta ƙasa.” Na roƙi a rubuta sabon rasit, a shimfiɗa shi a kan teburi a ɗauka duka kusurwa huɗu su fito. Yana shigowa na tura 180,000, washegari da hantsi kaya suka iso.