RTX 3060 ya daina kashe min inji: laifin yana layin +12V na fawa-fak

'Yan uwa masu haɗa kwamfuta, yau dai injin ya yi awa biyu cur ana matsa masa bai ɗauke ba, kuma na ji daɗin abin sosai. Sati guda ke nan yana ɓata min rai, kuma duk matsalar tana rubuce a jikin takardar da ke manne a gefen fawa-fak, wadda ya kamata a karanta tun kafin a biya kuɗin katin girafik.

Injin Ryzen 5 3600 ne, da RAM guda biyu, SSD ɗaya, hadis ɗaya da fanka uku. Katin da ke ciki a da GTX 1050 Ti ne, mai cin wat 75, wanda ramin madabod kaɗai ke ciyar da shi ba tare da wata waya ba. Sabon kuwa RTX 3060 ne, yana cin wat 170, kuma yana son kai mai fil 8. Fawa-fak ɗin an rubuta masa 500W da manyan baƙaƙe, irin maras nauyin nan da ke zuwa tare da kes. A ido lissafi ya fita, tunda 170 ina, 500 ina.

Ga yadda cutar take nuna kanta. Inji zai tashi lafiya, Windows ta buɗe, a yi ta kallon bidiyo ba abin da ya faru. Da an shiga gem aka kai wurin da katin zai yi aiki da gaske, sai ɗif, kamar an zare fulogi, bayan daƙiƙa kaɗan ya sake tashi da kansa. Babu shuɗin allo, babu wani saƙo, sai Kernel-Power 41 a cikin Event Viewer, wanda iyakar abin da yake faɗa shi ne inji ya mutu ba a kashe shi bisa ƙa'ida ba. Zafi ba shi ne ba, domin kati idan ya yi zafi rage gudu yake fara yi, fanka ta yi ta ƙugi. Direba kuma yakan daskarar da hoto ne ko ya fitar da mutum daga gem. Ɗaukewa gaba ɗaya daidai lokacin da kaya ya yi nauyi, wannan wuta ce ta gaza.

To a dawo kan takardar nan. Wat 500 ɗin da aka rubuta jimilla ce ta layuka daban-daban: +3.3V, +5V da +12V. Kati da furosesa, waɗanda su ne manyan masu ci, dukkansu daga +12V suke sha. Don haka lambar da za a nema ita ce amfiya nawa aka rubuta a ƙarƙashin +12V, a ninka ta da 12. A nawa 22A ne, wato wat 264. Ragowar da ta cike 500 ɗin tana kan ƙananan layukan da katin ba ya amfana da su ko kaɗan, in ma har gaskiya aka rubuta.

Sai a haɗa abin da injin ke buƙata. Kati wat 170. Furosesa an rubuta mata 65, amma an bar mata iyakar da ta kai wat 88 idan aiki ya yi tsanani, kuma da 88 ake lissafi. Madabod, fankoki, hadis da sauran tarkace a ba su kamar 40. Jimilla wajen wat 300, wato amfiya 25 daga layin da iyakarsa 22. Shi ke nan dalilin ɗaukewar. Kuma 170 ɗin nan ba tsayayye ba ne, kati yakan fizgi wuta sama da haka na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, wanda manhajar awo ba ta kama shi, amma kariyar da ke cikin fawa-fak tana ji. Shi ya sa NVIDIA ta ce a nemi wat 550 don wannan kati. Ni a ganina, bayan an gama lissafi a bar rarar da ta kai aƙalla sulusin jimillar, musamman idan fawa-fak ɗin ya kwana biyu, don kafasitocinsa suna raguwa da shekaru da zafi.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa maganar kai ce. Tsohon fawa-fak ɗin ba shi da mai fil 8, sai na sayo adafta mai ɗaukar wuta daga kan SATA biyu. Asarar kuɗi ce, kuma haɗari ne. Ramin madabod iyakarsa wat 75, kai mai fil 6 wat 75, mai fil 8 wat 150. Kan SATA kuwa abin da aka tsara masa a bolt 12 amfiya 4.5 ne, wato wat 54. Katin da ke cin 170 dole ya ja aƙalla 95 ta waya, a aikace ma yakan wuce haka. SATA biyu sun ba da 108 a takarda, amma galibi a jikin igiya ɗaya suke, don haka siririyar waya guda ce ke ɗauke da nauyin duka. Da na taɓa adaftar bayan gwaji, ta yi zafin da ba a son ji a jikin roba. Haka ake fara narkewa. Adafta ba ta ƙara wa fawa-fak ko wat ɗaya, hanya kawai take buɗe wa katin ya ja abin da babu.

Sabon fawa-fak ɗin da na saka na wat 550 ne, +12V ɗinsa 45A, wato 540, kusan duk ƙarfinsa yana inda ake bukata. Kuɗinsa ya shiga jikina, don ba ya cikin kasafin da na yi tun farko.

Wajen jonawa a kula, akwai kai biyu masu fil 8 da suka yi kama. Na kati yana rabuwa 6+2, an rubuta masa PCI-E ko VGA. Na furosesa yakan rabu 4+4, an rubuta masa CPU. Jerin wayoyin wuta da na ƙasa a cikinsu ba ɗaya ba ne, siffar ramukan ma ta bambanta don kada su shiga wurin juna. Idan kai ya ƙi shiga cikin sauƙi, kada a danna da ƙarfi. A haɗa gutsuren mai fil 2 da ɗan uwansa tukuna, a tura har maƙallin ya yi ƙas. Idan kati mai rami biyu ne, gara kowane rami ya samu tasa igiyar daga fawa-fak maimakon igiya ɗaya mai kai biyu. Wanda kuma ya sayi fawa-fak irin da ake cire wayoyinsa, kada ya bar tsofaffin wayoyi a kes ya jona su a sabo, ko da sun shiga daidai. Tsarin fil a ɓangaren fawa-fak ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma hakan na iya ƙona hadis da kati nan take.

Gwajin da na yi shi ne FurMark mai matsa wa kati da Cinebench mai matsa wa furosesa a tare, ina kallon cin katin da wannan:

```
nvidia-smi --query-gpu=power.draw --format=csv -l 1
```

Ya tsaya a kusa da 170 ba ya motsi, wayar kuma ɗumi kaɗan ta yi. Saura matsala ɗaya: UPS ɗina 650VA ne, abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba. Injin yana jan wajen 350 daga bango idan an haɗa da abin da fawa-fak ke zubarwa a zafi, ga monita a kai. Ana ɗauke wuta a tsakiyar gem yake fara kuka, don haka shi ne na gaba da zan canza.