Inda na sa almakashi a dogon hoton Kano

Hoto mai faɗi da ake haɗawa daga hotuna da yawa, wanda masu sana'ar ke kira fanorama, yawanci a gefe yake lalacewa. Nawa daga saman Dutsen Dala na ɗauke shi da hannu, ba ƙafar kyamara, ina juyawa daga hagu zuwa dama. Da manhajar Hugin ta gama ɗinke hotunan, ya fito da faɗin fiksel 11,400 da tsayi 3,200. Tsakiya lafiya lau, rufin kwano da katangun ƙasa duk sun zauna daram. Can ƙarshen hagu kuwa abu biyu ne: baƙar leda maƙale a jikin ƙaya, sai gefen wani dutse da ya karye gida biyu, rabin sama ya goce daga rabin ƙasa.

Karyewar tana da dalili. Idan ka miƙa babban yatsanka ka rufe ido ɗaya, sannan ka canja ido, za ka ga yatsan ya yi tsalle amma abin da ke nesa bai motsa ba. Haka kyamara take idan mutum ya juya da jikinsa maimakon ya juya ta a kan bakin gilashinta. Gidajen da ke nesa sun haɗu daidai, dutsen da ke gabana taku biyu ne ya ƙi. Shafe irin wannan da burushi aiki ne na ɓata lokaci, tunda babu abin da nake so a wajen. Yankewa ta fi.

Kafin yanka, sai da na miƙe layin da sama ta haɗu da ƙasa, domin juya hoto yana cin kusurwoyi, in ka yanka tukuna za ka sake yanka. Daga nan na datse haƙoran da ɗinki ke bari sama da ƙasa, tsayi ya koma 3,000.

Wahalar tana wajen zaɓen inda layin zai faɗa. Ledar ta ƙare a kusan fiksel 600 daga gefe, karyewar dutsen tana 900. Ido zai ce a yanka a 950 a huta. Amma manhajar ba ta liƙa hotuna baki da baki, narkar da ɗaya take yi cikin ɗaya, saboda haka lahanin yana da jela. Na buɗe hoton a manhajar gyaran hoto ta GIMP, na faɗaɗa shi zuwa 100%, na riƙa bin wata wayar lantarki da ta ratsa ta bayan dutsen. A 950 wayar biyu ce, ɗaya baƙa, ɗaya kamar inuwarta. Ba ta koma guda ba sai wajen 1,250. A allon waya ba wanda zai lura da wannan, amma a takarda mai faɗin kusan mita ɗaya sai ya fito ƙarara. Duk abin da yake miƙaƙƙe, waya ko bakin katanga ko layin kwano, shi ke tona asirin ɗinki.

To a 1,250 ɗin ma akwai bishiyar darbejiya, layin zai raba ta biyu, rabin bishiya a bakin hoto kuwa jan ido yake kamar ledar da nake gudu. Sai na matsa zuwa 1,500, inda wani lungu ya raba gidaje biyu. Saura faɗi 9,900.

Mutum yakan ji ciwon zubar da fiksel 1,500, amma lissafi ya kwantar min da hankali. Firam ɗin da za a sa hoton santimita 90 ne da 30, wato uku bisa ɗaya. Tsayi 3,000 yana bukatar faɗi 9,000 kacal, fiksel 100 a kowace santimita, wanda ya ishi bugu mai kyau. Ke nan akwai rarar 900 ma. Na cire ta daga dama, abin da ya kuma dawo da tsakiyar hoton kusa da inda take tun farko, don yankan gefe ɗaya kawai yana karkatar da komai.

Da na danna Shift+C a GIMP don ɗauko abin yanka, na tabbatar babu alama a kan Delete cropped pixels, yadda ɓangaren da na yanke zai ɓoye kawai, in na canja ra'ayi in dawo da shi. Asalin na ajiye shi TIFF, sai kwafin ƙarshe na fitar JPEG sau ɗaya, domin kowane sabon adanawa a JPEG yana rage inganci.

Wannan dabarar a gefe kaɗai take aiki. Da karyewar a tsakiya take, dole in koma Hugin in kewaye dutsen da Masks don ta ɗauko shi daga hoto guda. Hoton da ya zagaye digiri 360 kuma, wanda ake juyawa da yatsa, ba ya yankuwa haka: faɗinsa dole ya zama ninki biyu na tsayinsa, kuma bakin hagu da na dama su ne ke haɗuwa, in ka datse ɗaya sai ɗinkin ya buɗe a baya.