Yadda na ja wayar intanet zuwa na'urar wasa a gidan haya a Agege

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana bayan mako uku. Wanda bai san farkon zancen ba, rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana falon yayana a ƙasa, PS5 ɗina kuma yana ɗakina a sama, tsakaninmu bangon bulo biyu da rufin kankare. Da dare in ina buga ƙwallo da wani, sai ɗan wasa ya daskare, ya dawo an riga an zura min. Na daɗe ina zargin kamfanin intanet, ashe laifin yana cikin gida.

Abin da ya ganar da ni gwaji ne mai sauƙi. Na ajiye kwamfutar cinya mai Windows daidai inda na'urar wasan take, a kan waifai, na aika wa rautarmu saƙon gwaji sau ɗari:

```
ping 192.168.0.1 -n 100
```

Lambar taku tana iya bambanta, ku duba bayan rautar. Saƙon nan bai fita daga gida ba, don haka duk jinkirin da ya nuna na gida ne. Yawanci amsa na dawowa cikin milisakan 4 ko 5, amma jefi-jefi sai ta haura 200, uku kuma suka ɓace. Wannan hawa da saukar ita ke lalata wasa, ba ƙarancin gudu ba. Wasa bai cin data mai yawa, abin da yake so shi ne kowane saƙo ya iso a kan kari. Zangon 2.4 GHz a unguwa irin tamu cike yake da rautocin maƙwabta, kowa sai ya jira wani ya gama magana, na 5 GHz kuwa kafin ya ratsa rufin kankaren ya galabaita.

Da yake Baba mai gida ya ce kada wanda ya huda masa bango, na fara da adaftar layin wuta. Guda biyu ne, ɗaya a soket kusa da rauta, ɗaya a ɗakina, su tura intanet ta cikin wayoyin lantarkin gida. Ranar farko na sa ta ƙasa a jikin sitabilaiza, ta sama a kan ekistenshin mai kariyar hawan wuta, ko gaisawa ba su yi ba. Irin waɗannan kayan suna tace siginar kamar datti ce, dole adaftar ta shiga soket na bango kai tsaye. Da na gyara suka haɗu, gwajin ya zauna tsakanin 6 da 15. Na yi murna kwana biyu.

Sai yanayin wutar Legas ya nuna halinsa. Gidanmu fes uku ke shigowa, in ɗaya ya yi rauni yayana yakan mayar da ƙasa kan wani, ni kuma sama ina kan na da. Da zarar mun rabu fes, sigina ta faɗi warwas ko ta yanke. In an ɗauke wuta kuwa, falo yana komawa kan inbata, ɗakina kan ƙaramin janareta, ka ga layi biyu ne da babu abin da ya haɗa su. Ko lokacin da komai ke daidai, famfon ruwa na tashi lambobin su rikice. Ba na kushe adaftar, a fulat mai mita ɗaya da wayarin mai kyau za ta yi aiki. Amma kafin ku saya, ku tambayi mai gyaran wutar gidan ko soket biyun suna kan fes ɗaya da canjoba ɗaya.

Na koma wurin Baba da lallami. Na ce, "Baba, ba zan taɓa bango ba, ta ramin tsohuwar wayar dish zan bi." Ya ce, "In dai ba sabon rami, je ka yi, amma kada in ga waya na reto a gaban gida." Na auna hanya da igiya: daga falo ta ramin, sama ta bangon baya, zuwa tagar ɗakina, mita 23. Na sayi 30 saboda kwana-kwana. Iyakar wayar Cat5e ko Cat6 mita 100 ce a gudun gigabit, don haka tsawo ba matsala ba ne a gidan zama.

A kasuwar kwamfuta ta Ikeja ne na kusa yin asara. Akwai waya mai araha da aka rubuta wa Cat6, amma cikinta alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, wani lokaci za ka ga CCA a jikin kwalin. Tana karyewa in an lanƙwasa, kuma kai bai kama ta da kyau. Wani dattijo mai shago ya ce min, "Ɗana, kankare ta da reza ka gani." Na kankare silin ɗaya, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashi. Ta gaskiya ja ce har ciki, kuma ta fi nauyi a hannu. Ita na saya, da kawunan RJ45 guda goma, da filayar matse kai, da ƙaramar tasta mai fitilu takwas, da bututun roba don ɓangaren waje, tunda rana da damina suna cinye rigar wayar cikin gida. A bakin taga na bar wayar ta ɗan sauko kafin ta shiga, don ruwan sama ya ɗiga ƙasa maimakon ya biyo ta ɗaki. Inda ta haɗu da wayar lantarki na gitta ta, ban bari sun jera tare ba.

Matse kan shi ne ya ci min rai. Sili takwas ne, a tsarin T568B, ka riƙe kan maƙallinsa na kallon ƙasa, ka jera daga hagu: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Duka ɓangarorin iri ɗaya. Kada a warware murɗin fiye da santimita ɗaya da ɗan kai, kuma rigar wayar ta shiga cikin kan don matsewar ta kama ta. Na lalata kai uku kafin hannuna ya faɗa.

Na haɗa, intanet ya zo, na ɗauka an gama. Sai na ga kwamfuta na nuna haɗin a 100 Mbps maimakon 1000. Tasta ta nuna fitila ta bakwai ba ta kamawa. Ga dalilin da ya sa abin ke ruɗarwa: gudun 100 sili huɗu kawai yake amfani da su, na 1, 2, 3 da 6, gigabit kuwa sai duka takwas. In ɗaya daga sauran ya kuskure, waya ba za ta mutu ba, sai dai ta sauko a ɓoye. Da na haska kan da tocila, silin fari da ruwan ƙasa bai kai ƙarshe ba. Na yanke, na daidaita tsawonsu, na sake matsewa, fitilu takwas suka bi layi.

A PS5 na shiga Settings, Network, Settings, na zaɓi haɗin waya a Set Up Internet Connection. Gwajin rauta ta wayar yanzu milisakan 1 ne ko ƙasa, ɗari cif babu wanda ya ɓace. Amma kada wani ya zaci ya koma Landan. In sabar wasan tana Turai, tafiyar ta ƙarƙashin teku tana nan, jinkirin nawa yana zama wajen milisakan 120 kamar da, sai dai ya daina tsalle. Kuma in matar yayana na sauke fim, ina ji a jikina, don bututun da ke fita waje ɗaya ne.

Saura aiki biyu. Zan sa soket na intanet a bangon ɗaki don kan wayar ya daina wahala da cirewa da mayarwa, tunda in hadari ya haɗo ina zare ta saboda tsawa. Sannan ƙanena a ɗakin gefe ya fara roƙon a ja masa tasa, zan gwada ƙaramin suwic na raba wayar intanet mai kafa biyar a ɗakina ranar Asabar.