Ruwan makuba ya fito makuba a hoto, bayan wahalar da na sha

Alhamdulillahi 'yan uwa, yau shaddar nan ruwan makuba ta fito a waya da launinta na gaskiya. Na ɗora wayar a kan yadin, na duba nan na duba can, sai da na kira ƙanwata ta zo ta gani da idonta. Masu sayar da yadi a gida irina sun san ciwon da nake nufi. Ka ɗauki makuba, hoto ya ba ka ja mai haske ko ruwan ƙasa. Mai saye ta turo kuɗi daga Bauchi, kaya ya isa, ta kira ta ce, "Hajiya, ai ba wannan na zaɓa ba." Kuɗin mota zuwa da dawowa duk a kaina ya ƙare, ga kunya a kan kayan da ba su da aibin komai.

Abin da na gano shi ne wayar ce take yi mini gyaran da ban sa ta ba, kuma gyara biyu take yi a lokaci ɗaya. Idan yadi mai duhu ya cika fuskar kyamara, sai ta ɗauka wurin ne ba haske, ta ƙara haske da kanta har makuba ya koɗe ya koma ja. Sannan idan ta ga ja ya mamaye ko'ina, sai ta zaci fitila ce ta rina hoton, ta zuba kore-kore da shuɗi-shuɗi don ta rage shi. Daga nan ruwan ƙasar yake fitowa. Alamar da za ku gane haka ba wuya: ku matsar da wayar a hankali daga farin bango zuwa kan yadin kuna kallon allo, za ku ga launin yana sauyawa a gaban idonku cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Ga yadda na yi da yadi biyar ɗin nan. Ɗakina a Pantami, cikin Gombe, tagarsa arewa take kallo, kuma a wannan lokaci na sanyi rana ta karkata kudu, ba ta shigowa kai tsaye. Daga wajen Afrilu zuwa Agusta takan koma ta arewa, to a lokacin sai an rataya farin mayafi marar kauri a tagar. Da misalin ƙarfe 10 na safe na kashe ƙwan lantarki, domin hasken ƙwai da na taga launinsu daban ne, kuma idan suka haɗu a kan yadi ɗaya ba gyaran da zai daidaita su. Na shimfiɗa yadin a tebur kusa da taga, na ajiye farar takarda a gefensa ta yadda za ta shiga hoton. Na buɗe Pro a kyamarar wayar, inda mutum yake saita komai da hannu, na taɓa WB, wato ma'aunin launin haske, na riƙa jan lambar ina kallon takardar kawai. Idan lambar ta yi sama hoto yana yin rawaya, idan ta yi ƙasa yana yin shuɗi. A 6000K takardar ta yi fari tas, na tsaya a nan. Ranar da hazo ya yi kauri sai na sauko wajen 5200K, saboda ƙurar hunturu tana sa haske ya yi ɗorawa-ɗorawa. Kada kowa ya kwafi lambata, fentin bangonku ma yana shiga lissafi. Ɗakin maƙwabciyata kore ne, kuma fararen mayafanta duk da ɗan kore suke fitowa.

Daga nan na koma EV, mai ƙara ko rage hasken hoto, na sauke shi zuwa -0.7. Nan ne makuba ya dawo makuba, zuciyata ta yi sanyi. Farar shadda kuwa akasin haka take so, wayar tana dusashe ta ta koma ruwan toka, sai an ɗaga zuwa +1 ko kusa da haka. ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, na bar shi a 100 don kada hoton ya yi tsaki-tsaki, amma hakan yana sa ɗauka ta yi jinkiri, hannu ya ɗan motsa zare ya dagule. Na jingina wayar a kan littattafai na sa Timer. Wanda wayarsa ba ta da Pro, ya danna yatsa a kan allo ya riƙe har ya ga alamar kulle, a iPhone tana rubuta AE/AF LOCK, sai ya ja alamar rana ƙasa. Launin kuma a gyara shi daga baya a manhajar gyaran hoto ta Snapseed: a shiga White Balance, a ɗauki ɗan tsinken zaɓen launi a ɗora a kan takardar, a yanke takardar a ƙarshe.

Sai maganar sheƙi, wadda ita ta fi cin raina. Na sayi fitilar zobe irin ta masu kwalliya naira dubu 18, kuɗin da har yanzu in na tuna raina yana ɓaci. A fuska tana da kyau, a shadda kuwa masifa ce. Haskenta daga kewayen kyamara yake fita, ya bugi yadin ya dawo kai tsaye, sai ka ga farin tabo a tsakiya ya cinye zanen. Da na gudu daga ita na koma inuwa sosai, sheƙin ya mutu gaba ɗaya, shadda mai tsada ta zama kamar yadin makaranta. Ashe zanen shadda ba rini ba ne, saƙa ce: wani zaren yana mayar da haske, na kusa da shi ba ya mayarwa, bambancin nan shi ne furen da ido yake gani. Kashe sheƙi kashe zane ne.

Saboda haka hasken ya zo daga gefe. Taga tana hagu, waya tana sama ta ɗan karkata, ni kuma ina juya yadin a hankali a kan tebur har furen ya tashi ba tare da farin tabo ba. Akwai kusurwar da zai bayyana rangaɗau, ka wuce ta da kaɗan ya ɓace. A dama na tsayar da farin kwali, tazarar kamar kamu biyu, ya mayar da haske ya tausasa inuwar. Na kuma tattare gefe ɗaya ya yi lanƙwasa uku, domin a kan tudun lanƙwasar ne mai saye take ganin ƙyalli da kaurin kaya. Hoton kusa kuma na ja baya na sa 2x, don in ka kusanta waya sosai gefen yadi yana karkacewa, inuwar hannunka kuma ta faɗa kansa.

Kafin ku yanke hukunci a kan launi ku duba allon wayarku. Idan abin kare ido na dare a kunne yake, komai zai yi rawaya, idan kuma allon yana kan Vivid launi zai fi na gaskiya kauri. Wannan ne iyakar abin da ke hannunmu, allon mai saye ba namu ba ne. Shi ya sa yanzu kowane yadi nake yi masa hoto ɗaya da farar takardar a gefe ban yanke ta ba, in rubuta sunan launin a ƙasa. A WhatsApp kuma ina danna HD, in mai saye tana son ganin zare sosai in tura mata ta Document, don turawar yau da kullum tana matse hoto ta cinye ƙananan zane.

Shuɗi mai duhu da shunayya har yanzu suna ba ni wuya, shunayyar tana zamewa ta koma shuɗi ko da takardar ta yi fari. Gobe da safe zan gwada ta a 6500K da EV -1, in kuma wata a cikinku ta riga ta shawo kanta, don Allah ta faɗa mini lambar da ta tsaya a kai da inda tagarta take kallo.