Minti Biyu Kafin Baƙo Ya Karɓi Lasifika

Yanzu da nake miƙa aikin sakataren kwamitin taron ƙara wa juna sani na sashenmu, ga abin da zan bar wa magajina game da gabatar da baƙo mai jawabi.

Gabatarwa kada ta wuce minti biyu, wato kalmomi 150 zuwa 200. Da wannan ma'auni na rubuta ta baƙon da ya zo mana da maƙala kan Ajami. Takardar tarihin aikinsa doguwa ce, sai na tsamo abin da ya shafi jawabin kaɗai: ya yi aiki kan tsofaffin rubuce-rubucen da ke Arewa House a Kaduna da na cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ya kuma horar da ɗalibai karanta su. Na haɗa da abin da kowa a zauren zai iya tunawa, wato cire rubutun Ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, na rufe da tambayar da baƙon ya zo amsawa: su wa ke rubutu da Ajami a yau, kuma me suke rubutawa? Daga nan sai taken maƙala da sunansa.

Shugaban sashe, wanda shi ne zai karanta gabatarwar, ya duba takardar ya ce, "Malam, wannan ai raini ne ga babban mutum." Ya ajiye ta, ya ɗauki tarihin aikin ya karanto tun daga firamare, da bautar ƙasa, da kowane kwamiti da mutumin ya taɓa zama a ciki. Sai da ya cinye kusan kwata na awa. Ya kira shi Farfesa alhali bai kai ga kujerar ba tukuna, har baƙon ya fara jawabinsa da gyara cikin jin nauyi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shugaban ya karanto tsakuren maƙalar har da sakamakon binciken, ya zare wa mutum wuƙa tun bai kai ga nama ba. Kiran sallar La'asar ya riske mu kafin ɗaliban digiri na biyu, waɗanda dominsu aka shirya taron, su yi tambaya ko ɗaya. A zaman sashe na gaba aka rubuta cewa sakatare bai tsara lokaci ba. Har yau takardata tana cikin fayil ga mai son gani.

Sauran ƙanana ne. A tambayi baƙo da kansa muƙaminsa na yanzu da yadda yake so a kira shi, domin shafin jami'a yakan tsufa. A sake tabbatar da take ana gobe taro, masu maƙala suna yawan sauya shi. Idan kuma wani babba ne zai karanta gabatarwar, kada a haɗa masa da tarihin aikin baƙo, a miƙa masa shafi ɗayan kawai.