Inda na kai a daidaita sitatimen na banki da inbois ɗin kwastoma

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon riƙe littafin shago. Wannan karon sitatimen ɗin watan Nuwamban 2025 na shagonmu na hatsi a Agege na ɗauko, kuma abu ɗaya nake so mu tsaya a kai: in kuɗin da ya shigo bai kai na inbois ba, giɓin nan ba duka ne bashi ba, wani yankan banki ne wanda kai za ka ɗauka, wani kuma da gaske yana wuyan kwastoma. In ka cakuɗa su ko dai ka bi mutum bashin da ya riga ya biya ko ka yafe wanda ba ka san ka yafe ba.

Ga misali. Wata mai gidan abinci a Ikeja ta ɗauki wake da shinkafa na N300,000, inbois lamba INV-014, ba ta biya lokaci ɗaya ba. A sitatimen na samu layi uku da nake zaton nata ne: 100,000 da 79,600 da 59,500. Jimla 239,100, wato saura 60,900 in ka bi sitatimen kawai, ita kuma a nata lissafin 60,000 cif ake bin ta.

Na farkon ba matsala, tiransifa ce da sunanta. Na biyun ne ya ɗan ci min lokaci, don ba wanda zai tashi haka kawai ya biya 79,600. Da kati ta biya a injin POS ɗin shagon, kamfanin injin namu kuma yana cire kashi 0.5 cikin ɗari tun kafin kuɗin ya sauka, to sai na raba 79,600 da 0.995 ya ba ni 80,000 daidai, na je na duba takardar da injin ya fitar ranar, 80,000 ɗin ce. To 400 ɗin nan tawa ce, cajin da na amince da shi ne ranar da na karɓi injin. A shafinta 80,000 zan rubuta, 400 kuma ta tafi layin cajin banki. Kowa ya duba yawan da nasa injin ke cirewa fa, ba iri ɗaya ba ne.

Na ukun ma sunan da ke jiki ba nata ba ne sam, sunan wani mai POS ne na bakin hanya. Yaronta ta aika da 60,000 tsaba, mai POS ya cire 500 ladansa ya turo sauran. Da hoton rasit ɗin da ta turo min a waya na gane, kwanan wata da awa da lambar tiransifa duk sun zo ɗaya da na sitatimen. Wannan 500 ba bankina ne ya ci ba, ba ta taɓa isowa hannuna ba, don haka 59,500 ta biya. Hakikanin saura kenan 60,500, ba 60,900 ba, ba kuma 60,000 ba. Na kira ta na ce Hajiya ga yadda lissafin yake, mun yarda zan bar mata 500 ɗin, amma na rubuta shi da sunansa, rangwame, don kar watan gobe in dawo ina neman inda ta shige.

Yanzu a Excel ginshiƙi biyar nake yi: kwanan wata a A, lambar inbois a B, abin da kwastoma ya biya a C, abin da ya sauka a asusu a D, caji a E. Dole C ya zama D haɗe da E a kowane layi. Saura kuma haka nake fitar da shi:

```
=300000-SUMIF(B:B,"INV-014",C:C)
```

Lura da C ne a ciki ba D ba. Da C nake bin bashi, D kuma shi nake gwadawa da sitatimen.

Sai ƙananan cajin nan. A 2025 duk tiransifar da ta kai 10,000 ana cire wa mai karɓa harajin N50, kuma ba a jikin kuɗin ake yankewa ba, layinsa daban yake fitowa a ɓangaren cirewa, wani lokacin ma a haɗe bayan kwanaki, haka kuɗin alat na SMS da na kula da asusu. Kar ku wahalar da kanku wajen liƙa su a kan wani inbois, ku tara su a cajin banki na watan gaba ɗaya. Shi ya sa ban yarda da alat kaɗai ba, alat ɗin shigowa ba ya nuna maka su.

Kafin in rufe wata nakan gwada: balas ɗin farkon wata, a haɗa duk abin da ya shigo, a cire duk abin da ya fita har da caji, dole ya faɗa kan balas ɗin ƙarshe na sitatimen har kwabo. Na Nuwamba ya faɗa, sai dai akwai 35,000 da har yanzu ban gano mai ita ba, na ajiye ta a layi daban ban ɗora ta kan inbois ɗin kowa ba. Daga yanzu duk mai turo kuɗi ina roƙonsa ya sa lambar inbois a wurin bayani, ko ya turo hoton rasit a ranar.